Yadda za ka haɗa rubutun hoton bango da taken bidiyo ba tare da maimaici ba

Tun da na fara duba wa masu ƙananan tashoshin YouTube ayyukansu a nan Birnin Kebbi, tambayar da ta fi yawan zuwa mini ita ce: "Me zan rubuta a jikin hoton?" Idan na ce su nuna mini wanda suka yi, kusan kullum abu ɗaya nake gani. Sun kwafe taken bidiyon gaba ɗaya sun manna a kan hoton bango, wato hoton da YouTube ke kira Thumbnail, sun ƙara masa jan launi da kibiya. Mai kallo ya karanta magana a sama, ya sauke ido ƙasa ya sake karanta ita dai. An ba ka wuri biyu na yin magana, ka yi amfani da ɗaya.

Zan bi aikin daki-daki da bidiyo guda, na wani matashi daga Aliero da ya kawo mini nasa. Ya je gona ya tattauna da wani dattijon manomi kan abin da ke sa albasa ruɓewa a rudu, wato rumfar ajiyar da manoman yankin ke yi da kara da ciyawa. Takensa shi ne "Yadda albasa take ruɓewa a rudu a Aliero jihar Kebbi", a jikin hoton kuma ya rubuta "YADDA ALBASA TAKE RUƁEWA A RUDU". Daga nan muka faro.

Kayan aikin ba su da yawa: wayarka, takarda da biro, manhajar haɗa hoto kamar Canva ko PixelLab, da manhajar YouTube Studio. Manhajojin duk ana samun su kyauta, kuma abin da ke cikin sigar kyauta ya isa wannan aikin, data kawai za ka kashe. Amma YouTube ba zai bar ka ka ɗora hoton bango naka ba sai ka tabbatar da lambar wayarka a youtube.com/verify. Shi ma kyauta ne, kada wani ya karɓi kuɗinka a kai.

1. Rubuta alkawarin bidiyon a jimla ɗaya

Kada ka buɗe manhaja tukuna. Ɗauki takarda ka rubuta abin da mutum zai sani bayan ya gama kallo, wanda bai sani ba kafin ya fara. A jimla ɗaya, ko da ta yi tsawo.

Da na tambayi yaron nan, sai ya ce, "Yaya, ai a kan ruɓewar albasa ne." Wannan maudu'i ne kawai, bai zama alkawari ba. Muka sake kallon bidiyon tare, sai a wajen minti na huɗu dattijon ya ɗago wata albasa, ya matsa wuyanta, ya ce, "Ɗana, albasag ga tun gona tal lalace." Ya bayyana cewa mai yin ban ruwa har dab da cira, ya yanke ganye ƙasa-ƙasa, ya kwashe ya zuba a rudu wuyan bai bushe ba, shi ya buɗe wa cuta ƙofa, rudun kawai ya bayyana abin da aka riga aka yi. Nan alkawarin yake. Muka rubuta: "Albasar da ke ruɓewa a rudu, tun a gona ake jawo mata, ta hanyar ban ruwan ƙarshe da rashin shanya."

Gargaɗi: idan ka kasa rubuta wannan jimlar, matsalar tana cikin bidiyon, kuma babu hoton da zai gyara ta. Koma ka yanke shi ya tsaya a kan magana ɗaya.

2. Raba jimlar gida uku

Wannan matakin shi ne zuciyar aikin, don haka zan daɗe a kansa.

Kana da ma'aikata uku: hoton kansa, rubutun da ke jikinsa, da take. Kowa da aikinsa, kamar yadda a gonar albasa mai jan ruwa daban, mai dashe daban. Hoto yana nuna abin da ido zai gane ba tare da karatu ba. Take yana faɗin sunan abin, da kalmomin da mutum zai rubuta idan yana nema. Rubutun hoto kuma yana ɗaukar abin da waɗannan biyun suka bari: abin mamakin da ke ciki, ko girman asara, ko sakamakon, ko maganar da wani ya faɗa.

Ja layi biyu a takardarka ka yi gida uku, sannan ka ɗauki kowace kalma ta jimlar ka tambayi kanka gidan da ta dace. Ga yadda tamu ta rabu. "Albasa" da "ruɓewa" ido yana iya ganinsu, saboda haka hoto ya ɗauke su: albasa a tsage biyu, cikinta ya yi baƙi daga wuya, a tafin hannun dattijon. Amma su ne kuma kalmomin nema, dole su fito a take tare da "rudu" da "Aliero". Abin da ya rage shi ne "tun a gona". Hoto ba ya iya nuna shi, kuma babu wanda zai neme shi, domin mai nema bai san da shi ba. Shi ne na rubutun hoto.

Ban ruwan ƙarshe da rashin shanya fa? Waɗannan ba su shiga ko ɗaya daga gidajen uku ba. Su ne amsar, wurinsu cikin bidiyo. Da mun rubuta "BAN RUWAN ƘARSHE" a hoton, manomin da ya san aikinsa zai karanta, ya gyaɗa kai, ya wuce, don ya riga ya samu abin da yake so. "Tun daga gona" kuwa yana gaya masa inda laifin yake, bai gaya masa mene ne laifin ba. A ganina nan ne iyakar da ta dace: ka bayar da rabin da zai sa a yarda kana da magana, ka riƙe rabin da sai an kalla.

Ba kowane bidiyo ke da abin mamaki irin wannan ba. Idan naka na bayanin kuɗi ne, misali lissafin abin da noman rani na shinkafa ya ci a fadamar Argungu, take ya faɗi aikin da wurin, rubutun hoto ya ɗauki adadi ɗaya na gaskiya daga cikin bidiyon, ko yawan buhunan da aka samu ko abin da fetur ya lashe. Idan hira ce, take ya faɗi wanda aka zanta da shi da abin da aka tattauna, rubutun hoto ya ɗauki kalmomi uku ko huɗu daga bakinsa. Idan kwatanta abu biyu ne, take ya ambaci sunayensu, hoto ya nuna su gefe da gefe, rubutun ya zama tambaya gajera kamar "WANNE YA FI?"

Gargaɗi: cike juna ba yana nufin kowa ya kama gabansa ba. Na ga wanda ya ji an ce kada a maimaita, sai ya sa take a kan albasa, ya rubuta "TALAUCI YA ƘARE" a hoto. Babu zaren da ya haɗa su. Dole idan an karanta su a jere su zama kamar magana ɗaya daga bakin mutum ɗaya.

3. Fara da take

Take nake fara kammalawa, saboda shi ne mai ƙa'idoji. YouTube yana ba ka haruffa 100, amma a waya ana yanke dogon take a sa ɗigo uku, sau da yawa bayan layi biyu. Don haka abin da ya fi muhimmanci ya zo a farko. Ni ina ƙoƙarin ganin maganar ta cika a cikin haruffa 40 zuwa 50 na farko, abin da ya biyo baya ya zama ƙari wanda ko an yanke shi ba a yi asara ba.

Namu ya zama: "Abin da ke ruɓar da albasa a rudu: manomin Aliero ya yi bayani". Haruffa 62 ne idan an haɗa da tazarar da ke tsakanin kalmomi, kuma 33 na farko sun riga sun faɗi komai. Mun cire "jihar Kebbi" mun kai shi akwatin bayani na ƙasa. Sunan tasha, lambar kashi, da "sabon bidiyo" duk ba su da wuri a farkon take.

Akwai batun kari na harshe, wanda ya shafe mu mutanen Kabi da Zamfara. A baki muna cewa "mi ka sa albasa ruɓewa", amma manomin Kano ko na Zariya da ke nema zai rubuta "me ke sa". Bar take a daidaitacciyar Hausa don kowa ya same shi. Idan kana son ɗanɗanon gida, rubutun hoto ne wurinsa, musamman in maganar wani ka ɗauko, domin shi ba don nema ake yin sa ba.

Gargaɗi: "Innalillahi", "Tirƙashi" da "Yanzu-yanzu" a farkon take suna cinye wurin da ya kamata kalmar nema ta zauna. Kalmar "Innalillahi" kuma ba abin talla ba ce, kada ka sa ta a kan abin da ba rasuwa ko musiba ba.

4. Rubutun hoto: kalma biyu zuwa huɗu

Rubuta guda biyar a takarda kafin ka zaɓa, don na farkon da ya zo maka yawanci taken ne ya sake dawowa da wata riga. Namu biyar ɗin su ne: "ALBASA TA RUƁE", "ASARA A RUDU", "LAIFIN WA?", "BA RUDU BA NE", da "TUN DAGA GONA".

Biyun farko sun faɗi nan take, don duk abin da ke cikinsu yana cikin take da hoto. "LAIFIN WA?" bai maimaita ba, amma za ka iya ɗora shi a kan bidiyon siyasa ko na rikicin aure ya zauna daram, kuma rubutun da ya dace da kowane bidiyo bai ce komai a kan naka ba. "BA RUDU BA NE" ya yi kyau, har mun ajiye shi don gwaji, sai dai ya maimaita kalmar rudu, kuma ya faɗi inda laifin ba ya nan kawai. "TUN DAGA GONA" ya nuna wajen da za a duba. Karanta su a jere ka ji: abin da ke ruɓar da albasa a rudu, tun daga gona. Magana ɗaya ce.

Ƙa'idar da nake bi ita ce kada wata kalma mai nauyi ta fito a wuri biyu. Ƙananan kalmomi irin su "da", "a", "ya" ba komai. Inda kawai nake yarda da maimaici shi ne idan hoton ba ya iya nuna abin da ake magana a kai, kamar bidiyon bayanin wata jarrabawa ko wata doka. A nan kalma ɗaya tana iya zama gada.

Wani lokacin ma hoton ya isa, ba a bukatar rubutu. Idan ka rasa abin da za ka ƙara, bar shi haka ya fi ka cike wurin da take.

5. Ɗora rubutun a kan hoto

Buɗe sabon shafi mai faɗin pixel 1280 da tsawon pixel 720, wato tsarin 16:9. Ajiye shi a JPG ko PNG, kuma idan ka tsayar da nauyinsa ƙasa da 2MB ba za ka samu matsala wajen ɗorawa ba.

Raba shafin biyu a ranka. Abin da ake nunawa gefe ɗaya, rubutu ɗaya gefen, kada rubutu ya hau kan fuskar mutum ko kan abin da kake son a gani. Mun sa hannun dattijon da albasar a dama, rubutun a hagu layi biyu, "TUN DAGA" a sama, "GONA" a ƙasa da girma fiye da na saman. Fari a kan wuri mai duhu, sai kalmar "GONA" kaɗai muka ba ruwan ɗorawa. Launi biyu sun isa. Idan bayan hoton yana da haske, kamar yadda hotunan fadama da rana tsaka suke, sa baƙin layi a gefen haruffan ko ka ɗan dusashe wajen da rubutun zai zauna.

Gargaɗi na farko: kusurwar dama ta ƙasa ba taka ba ce. A nan YouTube ke manna tsawon bidiyon, duk abin da ka rubuta a wajen zai rufe.

Gargaɗi na biyu, kuma wannan yana ba ni haushi in na gani: haruffanmu masu lanƙwasa, ɗ da ƙ da ɓ. Yawancin salon haruffa masu kauri da ake so don hoton bango ba su da su. Sai ka ga ko dai akwati ya fito a wurin harafin, ko harafin ya fito siriri a tsakiyar masu kauri. Da haka "RUƁEWA" na yaron nan ya fito, Ɓ ɗin kamar baƙo a cikin kalmar. Gwada kowane salo da "ƊƘƁ" kafin ka zaɓa. Noto Sans yana da su duka, kuma mai kaurinsa yana karantuwa sosai. Kada ka warware matsalar da cire lanƙwasa inda ma'ana za ta sauya, don "ƙasa" da "kasa" ba abu ɗaya ba ne. Namu rubutun ya zo da sauƙi, babu harafi mai lanƙwasa a cikinsa ko ɗaya.

6. Gwada kafin ka ɗora

Gwaji uku ne, ba su wuce minti biyar ba.

Na farko, ƙanƙanta hoton a wayarka har ya zama kamar faɗin yatsu biyu, ka fita waje cikin rana ka duba. Haka mafi yawan masu kallonka za su gan shi, wasu ma a waya mai fashewar gilashi. In sai ka matso da ido, rage kalmomi, ƙara girma.

Na biyu, tura hoton kaɗai ga wani da bai ga bidiyon ba, ka tambaye shi abin da yake tsammani za a yi magana a kai. Ya kamata ya gane fagen, amma ya saura da tambaya. Mun nuna wa wani mai sayar da kayan miya, ya ce, "Albasa ce ta lalace, to me aka yi mata a gonar?" Abin da muke nema ke nan. Da ya ce bai gane komai ba, da mun san rubutun ya yi nisa da hoton.

Na uku, karanta take da rubutun hoto a jere da babbar murya. Idan kunnenka ya ji kalma sau biyu, ko ka ji kamar mutum biyu ne ke magana a kan abu daban-daban, koma mataki na 2.

7. Cika alkawari a farkon bidiyo

Wannan gyaran ya fi ba yaron nan wahala, don sai da ya sake yanka bidiyon. Hoton ya ce "tun daga gona", amma bidiyon ya fara da gaisuwa, da roƙon a bi tasha, da hoton hanya daga kan babur, maganar gona ba ta zo ba sai minti na huɗu. Wanda ya danna saboda waɗannan kalmomi uku ba zai jira haka ba. Muka ɗauko wajen da dattijon ya matsa wuyan albasa muka kawo shi daƙiƙun farko, sannan sallama ta biyo baya a taƙaice.

Gargaɗi: duk abin da ka rubuta a hoto dole ya kasance a cikin bidiyon. Dokokin YouTube sun hana take da hoton bango na yaudara, ana iya cire su, kuma tashar na iya samun gargaɗi. Ko ba a kama ka ba, wanda ka yaudara sau ɗaya zai gane hotunanka ya riƙa tsallake su. Kada kuma ka sa wa mutum magana a baki. Idan ka sa fuskar dattijo kusa da rubutu, mai kallo zai ɗauka shi ya faɗa, to ka tabbata ya faɗa ɗin.

8. Duba lissafi, ka sauya abu ɗaya

Bayan kwana biyu ko uku, shiga YouTube Studio, buɗe bidiyon, ka je Analytics, sannan Reach. Za ka ga Impressions, wato sau nawa aka nuna hotonka, da Impressions click-through rate, wato kaso nawa cikin ɗari suka danna. A ce an nuna sau 2,000 aka danna sau 80, kashi 4 ke nan. YouTube da kansa ya ce rabin tashoshi da bidiyoyi suna tsakanin kashi 2 zuwa 10, amma ma'aunin da ya fi amfani shi ne sauran bidiyoyin tasharka.

Kada ka karanta wannan adadin shi kaɗai, haɗa shi da zanen da ke nuna inda masu kallo ke fita. Idan dannawa ta yi ƙasa amma waɗanda suka shiga suna daɗewa, bidiyon lafiya lau, take da hoto ne ba su yi aikinsu ba. Idan dannawa ta yi sama amma ana zubewa a cikin daƙiƙa 30 na farko, rubutun ya yi alkawarin da bidiyon bai cika da wuri ba, ko bai cika ba sam.

Gargaɗi: kason yakan sauka idan YouTube ya fara nuna bidiyon ga mutanen da ba su san ka ba, kuma wannan ba alamar lalacewa ba ce, duba ko yawan nunawar na hawa. Sannan waɗanda suka shigo ta hanyar da ka tura a WhatsApp ko Facebook ba a ƙirga su a wannan kason, don haka yawan masu kallo na iya ƙaruwa shi bai motsa ba.

In za ka gyara, sauya abu ɗaya kawai. Ka bar take yadda yake ka sauya rubutun hoto, ka rubuta ranar a takarda, ka jira wasu kwanaki. Idan ka sauya duka a lokaci ɗaya ba za ka san wanda ya yi tasiri ba. Mai kwamfuta kuma yana da hanya mafi sauƙi: YouTube Studio na kwamfuta yana da wurin gwaji inda za ka ɗora hotuna har uku a bidiyo ɗaya, a rarraba su ga masu kallo, a zaɓi wanda ya fi jawo tsawon kallo. Gwajin na iya ɗaukar har mako biyu, kuma a ƙaramar tasha yakan ƙare ba tare da an samu wanda ya yi fice ba, don masu kallon ba su kai a bambance ba. A nan ne "BA RUDU BA NE" da muka ajiye zai yi amfani: hoto ɗaya, launi ɗaya, wuri ɗaya, kalmomin kawai za a sauya, a gwada shi da "TUN DAGA GONA".